Gaz ya shiga gidajen Arewa, amma wa ke duba tiyo da detandar?

Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a jihar Damagaram cikin watan Nuwamba na 2011, gwamnatocin da suka biyo juna ba su gaji da kiran jama'a su bar itace su kama gaz ba. Kiran yana da hujja, domin duk wanda ya san Dallol Mawuri ya san yadda gao da sabara ke ƙarewa. Kuma an ji kiran. A yau kwalbar gaz ta wuce gidajen manyan ma'aikata na Yamai, ta iso Dogon Dutsi da Tibiri da Matankari, tana cikin ɗakin malamin makaranta, tana bayan kantin ɗan kasuwa, tana gaban mai shayi. Abin da bai iso tare da ita ba shi ne sanin yadda ake zama da ita. An yi tallan kwalba, an bar maganar tiyo da detandar da ƴar robar bakin kwalba a hannun mai tebur na kasuwa, alhali a nan haɗarin yake kwance.

In gobara ta auku, sai ka ji ana cewa kwalba ta fashe. Galibi ba haka abin yake farawa ba. Kwalbar ƙarfe ce mai kauri, ba ta cika tsagewa ba sai wuta ta daɗe tana gasa ta. Abin da ke fashewa da farko shi ne iskar ɗakin da gaz ya cika. Gaz ɗin girki ya kusa ninka iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka in ya tsiyaye ba ya tashi ya bi taga kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya taru a lungu, ƙarƙashin gado, bayan buhunan hatsi. Da ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi guda ya isa.

Bari mu yi lissafi, tun da masu karatunmu mutanen lissafi ne. A ɗauki ɗakin girki mai mita 3 a tsawo, mita 3 a faɗi, mita 2 da rabi zuwa rufi. Iskar da ke ciki lita 22,500 ce, kashi 2 cikin 100 nata kuwa lita 450. Kilo guda na gaz, in ya fito daga kwalba ya zama iska, yana ba da kimanin lita 400. Ke nan kilo ɗaya da ɗan kai ya isa ya mai da ɗakin nan duka tarko. Kan murhu matsakaici yana shan kusan giram 150 a awa. Idan miya ta tafaso ta kashe wuta bayan isha'i, aka rufe ƙofa ba a lura ba, kafin kiran assalatu adadin ya cika. Kuma tun da gaz ƙasa yake taruwa, daidai inda uwargida ke durƙusawa ta ƙyasta ashana, wurin zai kai ma'aunin haɗari tun ɗakin bai cika ba. Ga lokacin hunturu, da ake toshe kowace kafa don ƙura da sanyi, abin ya fi muni.

To, ta ina yake fita? A babbar kwalba mai kilo 12 da rabi, tsakanin bakinta da murhu akwai abubuwa uku. Na farko ƴar roba ce mai kamar zobe wadda ke zama tsakanin bakin kwalba da detandar. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma ita ce ke tsare mahaɗar da ta fi ɗaukar matsi. Zafi yana busar da ita, ɗaurewa da kwancewa suna lanƙwasa ta, wani lokaci ma ta faɗi ƙasa wajen canjin kwalba ba wanda ya gani. A dube ta duk sa'ad da aka kawo sabuwar kwalba. In ta taurare ko ta tsage a sake ta. Masu naɗa leda ko zare a madadinta suna wasa da rayukan iyalinsu.

Na biyu shi ne detandar, abin da ke rage ƙarfin gaz. A zafin watan Afrilu da Mayu, matsin da ke cikin kwalba yakan ninka abin da murhun gida ke buƙata sau ɗari ko fiye. Aikin detandar shi ne ya sauko da shi zuwa ma'aunin da aka rubuta a jikinsa, wanda ga irin na Faransa da aka saba da shi milibar 28 ne. Mai saye ya nemi wannan rubutu ya karanta. Akwai wani iri mai makunni da ake murzawa a ƙara ƙarfi, wanda aka yi don manyan murahun masu tuwon saidawa da masu suya. In aka haɗa shi da murhun gida, yana iya fizge tiyo daga mazauninsa. Detandar da ya lalace yana nuna kansa: wuta ta riƙa ruri tana tashi daga kan murhu, ko ta yi tsawo ta ja baya ba a taɓa komai ba, ko a ji wari daga ƴar hudar da ke jikin murfinsa. Ba a kai shi wajen mai gyaran babur, jefar da shi ake yi.

Nan akwai wata matsala da ta shafe mu musamman, mu da ke bakin iyaka. Kaya da yawa na shigo mana daga kasuwannin Najeriya, kuma detandar da ya fi yawa a can irin wanda ake dannawa ne ya kama bakin kwalba, alhali wanda ya dace da kwalba mai bakin Faransa murza shi ake yi da noti. Notin nan kuma hagu yake ɗauruwa, saɓanin sauran notuna, shi ya sa wanda bai sani ba yakan tilasta shi da filaya har ya cinye haƙoransa. Kowane iri yana da kyau a kan kwalbarsa. Haɗa wanda bai dace ba da dabarar maƙeri shi ne laifi, kuma ɗan kasuwar da ya sayar wa mutum detandar bai tambaye shi irin bakin kwalbarsa ba yana da kaso cikin abin da zai biyo baya.

Na uku shi ne tiyo, kuma a kansa aka fi yin ha'inci. Ana yanko wa mutane tiyon ruwa, har da farin nan da magina ke auna daidaiton gini da shi, a ce musu na gaz ne. Gaz yana cin irin wannan roba, zafi yana sa ta laushi. Tiyon gaz na gaske yana da rubutu a jikinsa, kuma wanda aka yi bisa ƙa'idar Faransa yana ɗauke da shekarar da za a daina aiki da shi: shekara 5 ga na roba mai ɗauri, shekara 10 ga mai noti a bakunansa. An tsara waɗannan wa'adai ga ƙasa mai sanyi. A ranarmu da ƙurarmu da ɓerayen da ke bin ɗakin hatsi, mai hankali ba zai jira su cika ba. A lanƙwasa tiyon a hannu cikin haske: in ƙananan tsagu suka bayyana, ko ya taurare kamar kara, ya gama aiki. Kada ya wuce mita 2, kada ya bi bayan murhu inda wuta ke lasarsa, kuma a ɗaure bakunansa biyu da zoben ƙarfe mai sukuru. Waya tana yanka roba, igiyar tayar keke tana sakewa.

Gwajin da ke tona duk wannan bai fi minti biyu ba, kuma kayansa suna kowane gida. A kaɗa sabulu ko omo cikin ɗan ruwa har ya yi kumfa. A rufe makunnin murhu, a buɗe kwalba, a shafa kumfar da soso a kan noti, da jikin detandar, da bakunan tiyo biyu, sannan a bi tsawonsa. Inda kumfa ke kumbura tana girma, nan gaz ke fita. In a noti ne, a rufe kwalba a duba ƴar roba. In a bakin tiyo ne, a yanke wurin da ya buɗe a sake ɗaurewa. In a tsakiyarsa ne, a saye sabo, ba a liƙe shi da salatif. In kuwa an rufe kwalba, an cire detandar, bakinta na ci gaba da kumfa, to laifin kwalbar ne: a fitar da ita fili a mayar wa mai depo. Har yanzu akwai masu gwada yoyo da ashana. Allah ya kiyaye.

Ƙaramar kwalba mai kilo 6, wadda ake murza kan murhu a bisanta, ita ce ta fi yawa a gidajen talakawa. Ba ta da tiyo, amma tana da tata ƴar robar a gindin kan murhun, kuma in an murza shi a karkace za a ji tsaki. A kwance, a sake, nesa da wuta. Babbar tukunyar tuwon gandu ba tata ba ce, don faɗinta yana mai da zafi ƙasa kan bakin kwalba, nauyinta kuma na iya kifar da ita. Babba ko ƙarama, a tsaye take aiki. Masu kwantar da ita ko jingina ta da garwashi don a tatso na ƙarshe suna tura ruwan gaz cikin hanyar da aka yi don iska, wuta ta tashi har rufi.

In an shiga ɗaki aka ji wari, kada a taɓa makunnin lantarki, ko don kunnawa ko don kashewa, kada a kunna fanka. A rufe kwalba, a buɗe ƙofa da tagogi, a kore iskar ƙasa da faifai zuwa waje, bayan an tabbatar murhun itacen da ke tsakar gida ba ya ci. Wannan na ƙarshe shi ake mantawa, domin a yawancin gidajenmu gaz da itace maƙwabta ne.

Saura hakkin hukuma da na masu sayarwa. Ranar 4 ga Janairu 2020, fashewar gaz a wani shagon sayar da shi a unguwar Sabon Tasha ta Kaduna ta kashe mutane, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya, wanda ba ma gaz ya je saye ba. Ɗura gaz daga kwalba zuwa kwalba a tsakiyar jama'a bai kamata a bari ya zama sana'a a garuruwanmu ba, don kwalbar da aka cika maƙil ba a bar wa ruwan gaz wurin kumbura ba tana da haɗari in ta sha rana. Ma'aikatan ofishin kasuwanci da ke bin kantuna suna duba farashi da sikeli za su iya duba rubutun da ke jikin tiyo da detandar a tafiya guda, ba sai an kafa wani kwamiti an yi taron bita a otel ba. Hukumomin Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri kuma suna iya shar'anta wa kowane depo abu uku kafin a ba shi izini: sikelin da mai saye zai auna kwalbarsa ya cire nauyin ƙarfen da aka buga a jikinta, ƴan robobin canji a kan tebur, da kwanon ruwan sabulu da za a shafa a bakin kowace kwalba a gaban mai ita kafin a ɗaure ta a bayan kabu-kabu.