Ra'ayinmu: Kada Ka Aiki Ɗanka Sayen Sigari

Da yawa daga cikinmu mun taɓa kama ɗalibi da karan sigari a bayan aji. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne inda ya fara riƙe shi. Sau da yawa amsar tana gida, domin mahaifinsa ne ke aikensa wurin mai tireda ya sayo masa.

Binciken masana lafiya ya nuna cewa ɗan mai shan taba ya fi sauran yara saurin fara sha. Ya san farashinta, mai tireda ya saba da shi, ga kwali da ashana a aljihun rigar da aka rataye. Yawancin mashaya sun fara ne kafin su cika shekara 18, lokacin da sinadarin nikotin ya fi saurin kama ƙwaƙwalwa. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta sayar wa ƙananan yara, amma ba ta da mai gadi a gidajenmu.

Uban da ke sha kada ya ɓoye, domin warin tufafinsa ya riga ya tona shi. Kada kuma ya yi tsawa da sigari a hannu. Gara ya zaunar da ɗansa ya ce: "Ina kamarka na fara, don kada abokai su yi mini dariya. Na sha ƙoƙarin bari na kasa. Wannan tarin da kake ji da asuba, ita ta jawo mini." Sai ya tambaye shi ko an taɓa miƙa masa, ya saurara ba tare da duka ba.

An kuma gano cewa idan uba ya daina tun ɗansa yana ƙarami, haɗarin yana raguwa. Kafin a kai ga haka, a daina aiken yau.