A SA WA HOTON SANARWA BAKI

Ya zama ruwan dare a yau hukuma ta rubuta sanarwarta a cikin hoto, ta bar wa na'ura aikin watsa ta a shafukan sada zumunta idan lokacin da aka tsara ya yi. Mai gani ya huta. Makaho kuwa, wanda manhajar TalkBack ko VoiceOver ke karanta wa abin da ke fuskar wayarsa, sau da yawa abin da zai ji shi ne "hoto", daga nan sai shiru.

A ɗauki misali. An shirya ɗauke ruwan famfo a Barnawa da Kakuri, sanarwa ta fita cikin hoto. Makahon ɗalibi a Kakuri ya ji alamar an yi magana, amma bai san ranar da zai tara ruwa ba. Da an cika gurbin bayanin hoto, wanda ake kira `alt`, da ya ji: "Za a ɗauke ruwa a Barnawa da Kakuri ranar Talata, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma, saboda gyaran bututu." Jimla ɗaya ta wadatar.

Gurbin nan ba sabo ba ne. Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya buɗe shi a 2016, kuma a yau yana ɗaukar haruffa har 1,000. Inda gizo ke saƙar shi ne, na'ura ba ta aika abin da ba a umarce ta ba. Sai mai tsara ta ya sa ta loda hoton, ta haɗa masa bayani a gurbin `alt_text`, sannan ta saki saƙon. Kalmomin kuwa suna hannu, domin da su aka rubuta hoton tun farko.

Akwai kurakurai biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko shi ne a liƙa wa kowane hoto bayani iri ɗaya, kamar "sanarwa ga jama'a". Wannan daidai yake da babu. Na biyu shi ne dogaro ga bayanin da Facebook ke ƙirƙira da kansa tun 2016. Wannan kintace ne, ba ya tabbatar da rana ko sa'a ta fito daidai, balle a rubutun Hausa.

Gwajin ba shi da wuya. Jami'in watsa labarai ya kunna TalkBack, ya kife idonsa, ya saurari sanarwar ofishinsa. In bai ji wuri da rana da lokaci ba, aiki bai kammala ba.

Tun Janairun 2019 Nijeriya ke da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Saboda haka wajibi ne manyan sakatarori su sa wannan sharaɗi cikin kwangilar duk mai tsara musu irin wannan na'ura, kuma kada a biya shi sai makaho ya saurara ya ce ya gane.