Ra'ayinmu: Giɓin da lissafi ya yarda da shi, da wanda bai yarda ba

Duk lokacin da ma'aji ya gabatar da rahoton kuɗi a gaban taron reshe, ba a rasa malamin da zai zaro biro ya tara layukan da kansa. Wannan haƙƙinsa ne, domin kuɗin gumin mambobi ne. Sai dai wani lokaci abin da ya tara yakan saɓa wa jimillar da ke ƙasan takarda da dubu ɗaya ko biyu, nan take zargi ya shiga zukata. Muna ganin ya wajaba kowane mamba ya san inda irin wannan giɓi ke fitowa, don kada a ɓata sunan mai gaskiya, kada kuma mai almundahana ya sami mafaka.

A taƙaitaccen rahoto akan dunƙule kowane adadi zuwa dubu mafi kusa. Abin da bai kai naira 500 ba a zubar da shi, abin da ya kai a cika shi dubu. Mu ɗauki misali da kashe-kashe huɗu: sufuri naira 124,400, buga takardu 86,400, tallafin mambobi 210,400, hayar zauren taro 58,400. Idan aka dunƙule su za a rubuta 124 da 86 da 210 da 58, wanda ya tara waɗannan zai sami 478. Amma ainihin jimillar naira 479,600 ce, ita kuwa idan aka dunƙule ta sai ta zama 480. Ko kobo bai ɓata ba. Ɗari huɗu-huɗun da aka zubar a kowane layi ne suka haɗu a jimilla suka zama 1,600, aka cika su dubu biyu.

Wannan giɓi yana da iyakar da kowa zai iya aunawa. Dunƙulewa ba ta motsa layi ɗaya fiye da naira 500, wato rabin dubu. Saboda haka, idan ana lissafi da dubbai, giɓin ba zai wuce rabin yawan layukan ba: layi huɗu, dubu biyu, layi goma, dubu biyar. Galibi ma bai cika kai iyakar ba, domin wani layin ƙari ya samu, wani ragi, sai su kashe juna. Idan aka ga giɓin dubu bakwai a layi huɗu, to ba dunƙulewa ba ce: ko an tsallake wani layi, ko an yi kuskuren rubutu, ko akwai abin da ake ɓoyewa. Haka kuma idan rahoto bayan rahoto giɓin kullum gefe ɗaya yake karkata, tambaya ta halatta.

To, yaushe za a karɓi giɓin? A ra'ayinmu, sai sharuɗɗa uku sun cika. Takardar ta kasance taƙaitawa ce don fahimtar da masu sauraro. Giɓin ya tsaya cikin iyakar da muka ambata. Sannan a rubuta a ƙasan jadawalin cewa an dunƙule alƙaluman, kuma cikakkun adadin suna nan ga duk mai son gani. Ma'ajin da ya taɓa wani layi da hannu don jimilla ta yi daidai a ido ya fi wanda ya bar giɓin a fili laifi, domin ya rubuta adadin da ba ya cikin littafi.

Inda kuɗi ke fita daga hannu zuwa hannu kuwa, babu wannan sassauci. Takardar albashi da rasit da littafin ma'aji da bayanin banki dole su daidaita har zuwa kobo. Kuɗin ƙungiya da aka cire daga albashin malamai, idan aka tara su ɗaya bayan ɗaya, dole su zama daidai da abin da ya shiga asusu. Hanyar aikin ma daban ce. A taƙaitawa, tarawa ake fara yi kafin a dunƙule. A biyan kuɗi kuwa, ana fara tsayar da rabon kowa a kan cikakken kobo, sannan a tara.

Don haka muna kira ga ma'aji da masu binciken kuɗi su riƙa zuwa taro da takardun biyu, taƙaitacciya da cikakkiya. Mamban da ya ga giɓi ya ƙirga layukan ya raba biyu kafin ya ɗaga murya. Idan giɓin ya wuce haka, ya nemi littafi, kada kuma kowa ya ga laifinsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.