A Ɓoye Sunan Mai Ba Da Maki, Amma Mai Zargi Ya Sa Hannu



Da yawa daga cikinmu a nan Mubi ma'aikata ne, wasu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wasu a Jami'ar Jihar Adamawa, wasu a Babban Asibiti. Mun saba da fom ɗin APER na ƙarshen shekara: ka cike naka ɓangaren, shugabanka ya ba ka maki, na samansa ya sa hannu. Aibin wannan tsari shi ne ido ɗaya ne ke kallon ma'aikaci, kuma idon da kowa ya iya yi wa kwalliya ne. Akwai mai ladabi a gaban oga, amma masinja da direba ne suka san kalar bakinsa.

Shi ya sa muke goyon bayan tsarin da ake kira digiri 360, wato a tambayi na sama, da sa'o'i, da na ƙasa, sannan mutum ya auna kansa. A Birtaniya, tun 2012 likita yana sabunta izinin aikinsa ne duk shekara biyar, kuma cikin sharuɗɗan akwai jin ra'ayin abokan aiki da marasa lafiya.

Mu ɗauki misali. A ce wata shugabar ma'aikatan jinya ce a ɗakin haihuwa. An ba mutum goma sha ɗaya fom: shugabarta, da sa'o'inta huɗu, da na ƙasa da ita shida. Tambayar ita ce, tana sauraron mutum kafin ta yanke hukunci? Makin daga 1 ne zuwa 5. Ta ba kanta 5, shugabarta ta ba ta 4, sa'o'inta 4, na ƙasa kuwa 2. Idan aka haɗa duka wuri guda za a samu kusan 3, a ce matsakaiciya ce, a wuce. Amfanin yana cikin tazarar nan tsakanin 5 da 2. Ita ce ta nuna cewa tana sauraron manya, ba ta sauraron yaranta, kuma ba ta ma sani ba. Fom ɗin oga shi kaɗai ba zai taɓa nuna wannan ba.

Yaran nan shida ba za su faɗi gaskiya ba in sunansu zai fito, domin ita ke rubuta jadawalin aikin dare, ita ke sa hannu a takardar hutu. Ɓoye suna ya zama dole ke nan. To amma a nan haɗarin yake.

Na farko, Mubi ba ta da girman da suna zai ɓoyu. A ofis mai mutum biyu a ƙasa, ko ba suna an san mai magana. Rubutun hannu yana tona asiri, haka ma ambaton ranar da abu ya faru. Saboda haka kada a fitar da makin rukunin da bai kai mutum uku ba, kuma wani amintacce daga wajen sashen ya tattara fom ɗin, ya sake rubuta kalaman.

Na biyu, mai jifa ya ɓoye hannu. Mutum uku sun ba da 4, 4 da 1, matsakaicin ya faɗo 3 saboda mutum ɗaya. Ana gane mai gaba da alamunsa: ya jera 1 a kowace tambaya, ya rubuta "ba ta da mutunci" ba tare da misali ba, ko ya shigo da ƙabila, addini ko zaman aure. Irin wannan a ajiye shi gefe. Kalma mai amfani ita ce wadda ta faɗi aiki, kamar "takan yi mana faɗa a gaban marasa lafiya". Wannan ana iya gyarawa.

Na uku, ranar da aka ɗaura ƙarin girma a kan wannan maki, ranar gaskiya ta ƙare. Sa'o'i za su koma ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, shugaba kuma ya ji tsoron tsawata wa mai zuwa a makare.

Matsayinmu shi ne a ɓoye suna wajen maki da shawarar gyara, a zauna da mai sakamakon a keɓe, a zaɓi abu ɗaya ko biyu da zai gyara, a sake dubawa bayan wata shida. Amma zargin cin kuɗi ko lalata ba a cusa shi a fom marar suna. Mai shi ya rubuta takardar koke ya sa hannu, hukuma ta kare shi, wanda ake zargi ya samu damar kare kansa.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ma shugabannin ƙungiya a shirye muke a fara da mu. Allah Ya sa mu dace.