Sirrin haɗi ko sirrin cuta?

Kwalaben ƙarin kuzari da na gina jiki sun cika kantunanmu da wayoyinmu, kuma mun saba da saye da ido: mu ga hoton ƙaton damtse, mu ji an ce daga Amurka aka kawo, sai mu miƙa kuɗi. To, a sani cewa a can ɗin ma, a ƙarƙashin dokar 1994, hukumar FDA ba ta tantance ingancin irin waɗannan kayan kafin su shiga kasuwa. Gaban kwalba talla ne. Ɗan abin da doka ta tilasta a faɗa yana baya, cikin ƙananan haruffa, kuma can ma an bar wa kamfani ƙofar zillewa.

Ƙofar ita ce kalmomin nan biyu, Proprietary Blend, wato haɗin da kamfani ya ce sirrinsa ne. Doka ta yarda ya faɗi nauyin haɗin a dunƙule, ya jera sinadaran daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, amma ya ɓoye adadin kowanne. Mu a wurinmu wannan sayar da akuya ne a cikin buhu.

Mu ƙaddara ga kwalba mai kafso 60. Gabanta na alfahari da kiriyatin, sinadarin da masu ɗaga ƙarfe ke nema. A baya an rubuta haɗin sirri miligiram 1,200, sinadarai takwas, kafeyin na biyu a jeri, kiriyatin na huɗu. Tunda ukun da ke gabansa kowanne ya kai shi ko ya fi shi nauyi, kiriyatin ba zai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin ba, wato miligiram 300. Abin da aka saba amfani da shi a bincike kuwa giram 3 zuwa 5 ne a rana. Ko an yi wa kamfanin kyakkyawan zato, kashi ɗaya cikin goma na mafi ƙarancin adadin ya ba mu. An barbaɗa shi ne don sunansa ya hau takarda.

Shi kuwa kafeyin, mai hana barci da ke cikin goro da gahawa, da yake na biyu ne zai iya zama ɗan kaɗan, zai iya kusantar miligiram 600. Iyakar da FDA ke ambata wa baligi mai lafiya ita ce 400 a rana, mai juna biyu kuma likitoci kan ce kada ta haura 200. Mai hawan jini da ya haɗiyi wannan bayan ya ci goro ya sha shayi, yaya zai san inda ya tsaya? A nan maganar ta bar aljihu ta koma kan bugun zuciya.

Saura layin Serving Size, adadin da ake nufi da sha ɗaya. Duk lambobin da ke ƙarƙashinsa a kansa aka gina su. Idan an ce kafso 3, to kwalbar da muka ɗauka ta wata biyu ce ta kwana 20 ce. Wanda ke shan ɗaya a rana kuma sulusin abin da aka rubuta yake samu. Kafin mu kwatanta farashi, mu raba yawan kafso da wannan lambar tukuna.

Kamfanoni za su ce suna kare haɗinsu ne daga masu kwaikwayo. Wa ake ruɗa? Abokin hamayya yana da ɗakin gwaji, zai iya auna abin da ke ciki in ya ga dama. Wanda aka bari cikin duhu shi ne mai saye.

Dubi kuma yadda suke zaɓar kalma. Za su ce abin yana "tallafa wa" garkuwar jiki, ba za su ce yana warkarwa ba, don wannan da'awar magani ce da ke buƙatar hujja. Can ƙasa, bayan ɗan tauraro, sai su amsa cewa hukuma ba ta tantance maganar ba. Magungunan gargajiya masu lambar NAFDAC ma suna ɗauke da irin wannan gargaɗin. Lambar ba shaidar warkarwa ba ce, ko da dillaliya ta rantse a saƙon murya.

Ba mu ce duk ƙarin gina jiki yaudara ba ne. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki a asibiti adadinta a rubuce yake ƙarara. Abin da muke nema ke nan daga kowa: suna, da lamba a gefensa. Kwalbar da ta ƙi faɗa mana nawa ta zuba, mu ma mu ƙi zuba mata kuɗinmu.