Tallan gidan baƙi alkawari ne, kuma baƙo zai zo karɓa

Mai neman masauki a shafin Booking.com ko Airbnb yana biyan kuɗin ɗakin da bai taɓa shiga ba, a unguwar da wataƙila bai taɓa takawa ba. Abin da ke gabansa take ne mai layi ɗaya, da ɗan bayani, da hotuna. Masu gidajen baƙi da yawa suna ɗaukar waɗannan ukun a matsayin kirari, su cika su da kalmomin yabo. Wannan kuskure ne mai tsada, domin duk abin da aka rubuta alkawari ne, kuma shafukan sun ba wanda aka saɓa wa hanyar ramawa.

A ɗauki misalin gida mai ɗakuna shida a wani layi da ke bayan titin Zariya a Kano, tafiyar minti 10 a ƙafa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mai gidan ya sa masa take kamar haka: “Ƙayataccen masauki na alfarma a tsakiyar birni”. Babu abin da wannan layi ya shaida wa mai karatu, tunda kowane gida yana iya kiran kansa na alfarma. “Tsakiyar birni” kuwa tana iya sa ɗan kasuwar da ya zo sarin atamfa ya zaci zai taka da ƙafa zuwa Kantin Kwari. Airbnb na ba da gurbin haruffa 50 kacal ga take, don haka kowace kalmar yabo tana cin gurbin wata hujja. Taken da ya fi dacewa shi ne: “Ɗaki mai sola, minti 10 zuwa Asibitin Aminu Kano”. Haruffa 48 ne har da tazara, kuma ya amsa tambayoyi biyu da ’yan jinya da likitocin da suka zo kwas suke fara yi: ina ne, kuma akwai wuta?

Wuri ba a faɗarsa da “kusa”. Abin da yake kusa ga mai mota nisa ne ga tsohuwar da ke kai wa majinyaci abinci sau uku a yini. Bayani nagari yana ambatar sanannen wuri, da yawan mintuna, da abin hawa: a ƙafa ne, ko a adaidaita sahu. Idan akwai cunkoso da yamma, a faɗi lokacin tafiyar safe da na yamma daban. Haka kuma alamar da ke kan taswira: ya kamata mai gida ya tsaya a ƙofar gidansa ya duba da wayarsa ko ta zauna daidai. Wasu sukan ja ta da gangan zuwa bakin babban titi, sai baƙon da ya sauka daga jirgi da dare ya yi ta zagaye da direba yana neman gidan da ba ya nan.

A fannin kayan more rayuwa, babu inda ake yawan saɓa alkawari kamar wutar lantarki. Tun watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da lantarki ta Najeriya ta ƙara wa ’yan rukunin A kuɗin wuta, mutane suka san cewa wannan rukuni aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, na B awa 16, na C kuma awa 12. Ko a takarda ma babu rukunin da aka ce zai sami awa 24. Saboda haka mai gidan da ya rubuta “wuta dare da rana” yana magana ne a kan janaretonsa da batiransa, kuma nan gizo ke saƙa. Ƙaramar sola tana ɗaukar fitilu da fanka da cajin waya, amma na’urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan fiye da kilowat ɗaya ita kaɗai. Baƙon da ya ga “esi” da “wuta dare da rana” a shafi guda zai haɗa su a ransa, ya ɗauka zai kwana cikin sanyi. A Kano, inda zafi kan kai digiri 40 a watan Afrilu, daren da wannan zato ya rushe ba ya mantuwa.

Gyaran bai wuce jimla uku ba: “Sola tana riƙe fitila da fanka da caji a kowane lokaci. Esi yana aiki idan akwai wutar gwamnati, ko lokacin janareto, daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 2 na dare. Ruwan rijiyar burtsatse ne, na zafi kuma a bokiti ake kawowa.” A Booking.com shafin ne da kansa yake tsara babban bayanin gida daga kayayyakin da mai gida ya zaɓa a jeri, don haka akwatin da aka danna bisa ganganci yakan zama jimla a gaban duniya. Wanda esi ke ɗakuna biyu cikin shida na gidansa, a kan waɗannan biyun kawai ya kamata ya sa shi.

Hotuna su ne shaidu, kuma shaida ma tana iya yin ƙarya ba tare da ta furta ko kalma ba. Madubin wayar da ke nuna 0.5 yana buɗe ɗaki ya ninka a ido. Ana gane shi da gadon da ya yi tsawo fiye da kima da bangon da ya karkace a gefe. Irinsa ne ɗora hoton ɗakin da ya fi kyau a kan dukkan ɗakuna, wanda bai bambanta da algus ɗin mai tumatir da ke jera manya a saman kwando ba. Hoton gaskiya ana ɗaukarsa da rana, daga tsayin ƙirji, kowane irin ɗaki da nasa. Dole a nuna banɗaki, domin rashinsa a jeri yana sa mai lura ya yi zargi. A nuna ƙofar gida da layin kamar yadda suke, ko da babu kwalta. In an canza fenti ko gado, a canza hoto.

Masu gidaje suna da hanzari mai ƙarfi: wanda ya faɗi cewa esi yana mutuwa ƙarfe biyu zai rasa baƙi, maƙwabcinsa mai kirari ya kwashe su. Gaskiya ne, a makonnin farko. Amma a Booking.com baƙi suna ba da maki bisa 10, kuma mai bincike yana iya tace jerin ya bar gidajen da suka kai 8 kaɗai. A lissafi mai sauƙi, gidan da baƙi takwas suka ba shi matsakaicin 8.5, idan fusatattu biyu suka ba shi 3 kowannensu, ya faɗo zuwa 7.4, ya ɓace daga idon duk mai wannan tacewa. A Airbnb kuwa dacewar talla da zahiri tana cikin abubuwan da ake ba wa taurari, kuma baƙon da ya tarar da babban saɓani yana da awa 72 ya kai ƙara ya nemi a mayar masa da kuɗi.

Baƙon da faɗin gaskiya ya kora, shi ne wanda da ya zo zai rubuta mummunan sharhi. Wanda ya karanta sharaɗin ƙarfe biyu kuma ya biya, ya riga ya yarda, kuma idan janareto ya kai ƙarfe uku godiya zai yi. Ma’aunin da mai gida zai gwada tallansa da shi guda ne: ya shiga ɗaki mafi rauni a gidan da tsakar dare, ya karanta abin da ya rubuta layi bayan layi, ya goge duk jimlar da ba zai iya maimaitawa a gaban baƙon da ke kwance a wurin ba.