Riba Ba Kuɗin Ruwa Ba Ce: Raddi Ga Masu Fassarar Kalma Da Kalma

Akwai wani ra'ayi da ya zauna a bakin wasu magatakarda da masu buga wasiƙu, wai fassarar kalmomin kuɗi ba ta buƙatar komai sai ɗan jeri a manne jikin bango: firinsifal jari, intares riba, ariyas bashi, balas ragowa. Hujjarsu ita ce lambobi ne ke magana a wasiƙar banki, kalmomi kuwa rakiya kawai suke yi, kuma ko an ɗan kauce mai karatu zai gane da kansa. A taƙaice dai, in lissafi ya yi daidai, ko akuya ce ta fassara sauran ba laifi. Daga cikin kalmomi huɗun nan babu wadda ta faɗa gurbinta sosai, amma ta biyu ce ta fi ɓarna.

Kalmar riba a rubutun boko kalmomi biyu ne da suka sa riga ɗaya. Akwai riba mai dogon wasali a gaɓar farko, wato abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa bayan ya sayar. Akwai kuma riba mai gajeren wasali, wadda malamai ke nufi idan suna maganar ƙarin da ake ɗora wa mai cin bashi. Dukansu daga Larabci suka shigo, amma daga saiwa daban-daban, kuma aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta raba hukuncin ciniki da na riba ta biyun a sarari. A baki kunne yana bambance su. A takarda ba ya yiwuwa, domin rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Wannan ne ya sa ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 suka ɗora wa kalmomi alamomi, alamomin da babu magatakardan da ke sa su a wasiƙa.

To, idan wasiƙa ta ce wa Bahaushe zai biya riba ta naira dubu 120, wacce ake nufi? In ya karanta ta farko, an gaya masa ciniki aka yi, alhali rance ne da ruwa. In ya karanta ta biyu, banki ya rubuta masa da hannunsa cewa haramun yake karɓa. Ko ta ina aka bi, wasiƙar ta faɗi abin da mai ita bai yi nufi ba. Abin takaici shi ne Hausa ba ta rasa kalma ba: kuɗin ruwa na nan, ɗan tireda da ɗan fansho duk sun san ta, kuma a maganar rance ma'anarta ɗaya ce tak. Wanda ya bar ta ya ɗauko riba, lalaci ne ya kai shi, ko kuwa so yake ya shafa wa maganar zuma.

Masu wancan ra'ayi sukan ce bambancin na malamai ne, bai shafi ofis ba. Ya shafe shi mana. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, akwai bankuna a Najeriya waɗanda gaba ɗaya kasuwancinsu a kan wannan bambanci ya tsayu. A tsarin murabaha banki ne ke sayen kaya ya sayar wa mutum da ƙarin da aka yi yarjejeniya a kai, a biya sannu a hankali. Wannan ƙari riba ce ta ciniki, kuma a nan kalmar ta zauna daram. Idan aka kira ruwan bankin gama-gari da wannan suna, an haɗe abubuwa biyu da Babban Bankin Najeriya kansa ya ware wa ƙa'idoji daban.

Haka ɓarnar take idan aka juya daga Hausa zuwa Ingilishi. Ɗan kasuwa ya karɓi jari daga wani don su raba abin da aka samu, ya rubuta cewa bayan kaka zai mayar da uwa da riba. Mai jerin bango ya duba, ya ga riba, ya rubuta intares. Da wannan kalma ɗaya haɗin gwiwa ya koma rance, kuma ƙarin da ya rataya a kan samuwa ya zama wajibi ko an yi asara. In rigima ta kai gaban alƙali, takardar Ingilishin za a ɗauko.

Sai batun cewa lambobi suna magana da kansu. A ɗauki misalin wanda ya ci bashin naira 600,000 na shekara ɗaya, da ruwa kashi 20 cikin ɗari a kan uwar kuɗin gaba ɗaya. Kuɗin ruwa ya kama 120,000, jimilla 720,000, wato 60,000 kowane wata: 50,000 daga uwa, 10,000 ruwa. Ya biya wata biyar, ya tsallake na shida da na bakwai. A ƙarshen wata na bakwai wasiƙar Ingilishi za ta nuna ariyas 120,000 da balas 420,000. Mai jeri zai rubuta masa "bashinka 120,000, ragowar kuɗinka 420,000". Lambobin duk daidai suke, amma mutumin zai fahimci cewa 120,000 ne kaɗai ake bin sa, har ma yana da ajiyar 420,000 a banki. Ya biya 120,000 ya koma gida da murna, alhali da sauran 300,000 a wuyansa.

Fassarar da ta dace ta fi tsawo, kuma ba abin kunya ba ne. Za a ce kuɗin da lokacin biyansu ya wuce ba a biya ba, na wata biyu, naira 120,000. Jimillar abin da ya rage ana bin ka, har da waɗannan, naira 420,000, wato 350,000 uwar kuɗi da 70,000 kuɗin ruwa. Ariyas yanki ne na bashin, yankin da wa'adinsa ya cika. Kalmar bashi ita kaɗai ba ta ɗauke da wa'adi, don haka dole a faɗe shi. Ba a kuma tsira ta hanyar barin kalmar aron yadda take, domin a bakin ma'aikacin gwamnati ariyas albishir ne, kuɗin albashi ko ƙarin girma da shi yake bin gwamnati. Hausa tana tilasta a nuna wa ke bin wa, kuma a nan ta fi Ingilishin tsantseni.

Balas ma fuska biyu gare ta. A asusun ajiya abin da mutum ya mallaka ne, a asusun rance abin da ake bin sa ne. "Ragowar kuɗinka" ta dace da na farko kawai. Alamar gane kuskure mai sauƙi ce: duk jimlar da ba ta nuna mai kuɗin ba, ba a gama fassara ta ba.

Jari kuwa abin da ake juyawa ne a kasuwa. Wanda ya ranci kuɗi don biyan asibiti ba jari aka ba shi ba, uwar kuɗi ake bin sa. Kuma firinsifal ɗin nan a wasiƙar makaranta shugaban makaranta ne, a takardar wakilci kuma wanda ya naɗa wakili ne. Jerin bango bai tanadi ko ɗaya daga cikin biyun ba.